Darussan karanta ƙorafin masu saye: yadda ake gano giɓi a cinikin atamfa da shadda ta waya

Cinikin atamfa da shadda daga Kantin Kwari ta Kano zuwa wasu garuruwa ya daɗe da komawa cikin waya. Mai saye tana Gombe ko Maraɗi, ta ga hoto a WhatsApp, ta tura kuɗi, a kai mata kaya tasha a ba direba. Masu wannan sana'a sun yi yawa, har sabon shiga ya ɗauka babu sauran wuri. Abin da aiki a wannan fanni yake koyarwa shi ne wurin yana nan, kuma masu saye suna faɗinsa kullum a cikin ƙorafinsu. Sai dai ƙorafi goma ba lalle ne su haifar da giɓi ko ɗaya ba, don haka aikin duk yana wajen tacewa.

Darasi na farko ya shafi inda ake samun ƙorafin. Mutanenmu ba su cika faɗa wa mai kaya laifinsa a fuska ba, balle idan ƙawa ce ko 'yar uwa ta sayar. Kunya takan sa mace ta ce "Allah ya sa albarka" ta ajiye turmin a ƙasan akwati, daga nan ba za ta sake saye a wurin ba. Saboda haka abin da ake gani a rubuce a Facebook ko Instagram kaɗan ne daga cikin abin da ke faruwa, kuma yawanci na waɗanda ransu ya ɓaci sosai ne. Ragowar yana wurin tela, domin shi ake kai wa yadi, shi ne yake auna shi ya ga bai cika ba. Yana wurin mai wanki da guga, wanda ya san atamfar da take zuba tun wankin farko. Yana kuma wurin masu lodi a tasha, waɗanda ake kira ana tambayar ina kaya suka tsaya. Awa ɗaya a shagon tela mai yawan aiki takan ba da abin da mako guda na duba waya bai bayar ba.

A samu littafi, kowane ƙorafi a ba shi layi ɗaya. A rubuta ranar, da irin kayan, da garin mai saye, da abin da ta ce da kalmominta, sannan abin da ta yi bayan haka: ta mayar da kaya, ta haƙura, ko ta koma wurin wani. Ba a buƙatar sunan kowa, lamba ta isa a bambanta mai sayarwa da wani. Dalilin rubuta kalmominta yadda ta faɗa shi ne "ba kalar ba ce" da "ba shi na zaɓa ba" sun yi kama a kunne, amma matsaloli biyu ne dabam, kamar yadda za a gani. A tara ƙorafi kamar ɗari a kan masu sayarwa aƙalla goma, cikin mako shida ko fiye. A guji tara su duka a makonnin gab da Sallah, domin a lokacin tasha takan cika, tela yakan cika, jinkiri yakan zama na kowa, sai lissafi ya nuna abin da ba haka yake ba a sauran watanni.

A ce, don misali kawai, an tara ɗarin nan, aka samu 30 a kan tsada, 25 a kan kala ko zane, 18 a kan jinkirin isar kaya, 12 a kan yadi bai cika ba, 10 a kan zuba, 5 a kan rashin iya magana. Sabon shiga yakan ruga wa mafi yawa, ya ce zai karya farashi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye jari. Kukan tsada yana tare da kowace irin haja, kuma wadda ta yi kukan sau da yawa ta riga ta saya duk da haka. Diloli suna ba kowa kaya a kusan farashi ɗaya, to wanda ya rage daga ribarsa kawai yake ragewa, kuma wanda ya fi shi jari zai iya rage fiye da shi ya daɗe a kai. Rashin iya magana kuma, idan aka duba littafi aka ga duka biyar ɗin a kan mutum ɗaya suke, halin mutum ɗaya ne, kasuwa ba ta da giɓi a nan. Ƙorafin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne wanda ya bayyana a kan masu sayarwa shida ko bakwai daga cikin goman.

Zancen yadi yana da sauƙin tabbatarwa. Yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa yadi shida ne, wato inci 216. Shaddar da aka yanka yadi biyar ya kamata ta ba da inci 180. Idan mai yanka yana tsuke inci biyu a kowane yadi, an rasa inci 10, kuma wannan ya isa ya sa tela ya ce hannun riga ba zai fita yadda ake so ba. Maganinsa tef ne da ɗan bidiyo ana aunawa kafin a naɗe. Abu ne mai kyau, a yi shi, amma kada a gina sana'a a kansa shi kaɗai, domin duk abin da tef ɗaya yake gyarawa maƙwabcinka zai kwaikwaya cikin mako. Ita kuwa zuba daga masaƙa take, mai sayarwa ba zai hana ta ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefen yadin, idan ya kama launi ya faɗa wa mai saye gaskiya ko ya bar wannan samfurin.

Inda ya kamata a daɗe shi ne kan 25 ɗin nan na kala da zane. Wanda ya tsaya a saman magana zai ce matsalar hoto ce, ya je ya sayi waya mai tsada. Gaskiya ne hoto yana da nasa laifi: fitilar shago tana sauya launi, kyamarar waya tana ƙara wa kala armashi da kanta, kuma fuskar wayar mai saye ba ta nuna launi daidai da ta mai sayarwa. Wannan shi ne "ba kalar ba ce", kuma ana rage shi da ɗaukar hoto a inuwa da rana, a ajiye farar takarda kusa da yadin don ido ya samu abin gwadawa. Amma idan aka koma kalmomin da aka rubuta, za a tarar da yawa cewa suka yi "ba shi na zaɓa ba". Asalin wannan ba ya cikin kyamara. Masu sayarwa da yawa ba su da kayan a hannu. Hoton dila suke turawa, sai kuɗi ya shigo sannan su shiga kasuwa nema. Idan suka tarar zanen ya ƙare, ko ya rage wata kalar, ko akwai shi amma a ƙaramin samfuri, sai su ɗauki mafi kama su tura, tun da mayar da kuɗi yana nufin asarar ciniki. Nan ne kuma wani ɓangare na jinkirin yake fitowa: kwana ukun da ake ɗora wa direba, sau da yawa a yawon neman kaya suka tafi. Ƙorafi biyu da aka rubuta a gida dabam-dabam ashe tushensu ɗaya.

Wannan ne ya sa yake giɓi na gaske. Akwai dalilin da ya hana sauran gyara shi, wato riƙe kaya a hannu yana cin jari, kuma turmin da bai fita ba kuɗi ne a kwance. Duk lokacin da aka ga ƙorafi ya daɗe babu wanda ya magance shi, a tambayi me ya hana. Idan amsar ita ce babu wanda ya lura, a yi shakka, domin 'yan kasuwar Kwari ba sa barci. Idan amsar ita ce yana da tsada ko wahala, to sai a zauna a yi lissafi ko za a iya ɗaukar wannan tsadar.

Kafin lissafi akwai tambaya ɗaya: shin masu saye suna biyan wani abu yanzu don guje wa matsalar? Idan ana samun matan da suke ba wata 'yar uwa a Kano kuɗin mota ta je ta gani da idonta, ko suke jira sai wani zai yi tafiya su ba shi saƙo, ko suke saye da tsada a shagon garinsu don kawai su taɓa kayan, to sun riga sun sa wa matsalar farashi. Wadda take ƙorafi amma ba ta taɓa kashe ko sisi don kauce masa ba, da wuya ta biya ka ƙari.

Ga lissafin da alƙaluman misali, kowa ya sa nasa. A ce ribar turmi naira 1,500 ce, kuma an yi alkawarin cewa abin da aka nuna a bidiyo shi za a tura, idan ya saɓa a dawo da shi, kuɗin mota a kan mai sayarwa. A ce zuwa da dawowa naira 4,000 ne. Idan turmi ɗaya cikin 20 ya dawo, alkawarin yana cin naira 200 a kowane turmi, riba ta koma 1,300, ana iya rayuwa da haka. Idan ɗaya cikin biyar ne yake dawowa, yana cin 800, an rasa fiye da rabin riba tun ba a sa kuɗin kayan da suka kwanta ba. Dawowa mai yawa haka alama ce ta ɗayan abu biyu: ko dai hoton bai gyaru ba, ko sharaɗin ya yi sako-sako har masu sauya ra'ayi suna fakewa da shi. Shi ya sa ake fayyace shi tun farko: kwana biyu bayan karɓa, ba a yanka ba, ba a wanke ba, kuma saɓanin ya zama abin da za a iya nunawa a gwada da bidiyon.

Gwajin kansa a yi shi ƙarami. Turmi 20 a zane biyar ya isa, a gari ɗaya ko biyu da ake da direban da aka sani. A ɗora ɗan ƙari a kan farashin da kowa yake sayarwa, domin abin da ake son sani shi ne ko za a biya don tabbaci. Idan aka sayar da araha, ba za a gane ko arahar ce ko tabbacin ne ya jawo cinikin ba. Bayan wata ɗaya a duba abu uku: nawa suka fita, nawa suka dawo, mata nawa suka sake saye ko suka turo wata. Na ukun ya fi nauyi, saboda wannan ciniki da bakin ƙawa yake tafiya. Sannan a buɗe sabon shafi a littafin nan don ƙorafin da ake yi a kanka, a riƙa kiran kowace mai saye kwana uku bayan kaya sun isa, a tambaye ta abin da tela ya ce da aka kai masa.