Yadda muka gano sinadarin da ya fara ƙarewa, muka auna rarar da ta saura

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan muka zo kan lissafin mol, ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi, nakan kai 'yan aji biyar ɗakin gwaji kafin mu taɓa allo. Gwajin da na fi so shi ne zuba ɓarɓashin dutsen mabul a cikin asid, saboda abin da ya yi rara yana zama a gindin kwalba, kowa ya gan shi da idonsa, a tace shi a ɗora kan sikeli.

Mun auna giram 8.0 na mabul, wanda kusan dukansa kalsiyam kabonet ne, CaCO₃. Muka ɗebo mililita 50 na haidurokulorik asid, HCl, mai ƙarfin mol 2.0 a kowace lita. Kafin a haɗa su na ce kowa ya rubuta wanne zai fara ƙarewa, da dalilinsa.

Nauyin mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne: kalsiyam 40, kabon 12, oksijin uku 48. Don haka giram 8.0 ya ba mu mol 0.08. Shi kuwa asid, mililita 50 daidai yake da lita 0.050, idan aka ninka da 2.0 sai a sami mol 0.10. Har nan babu gardama a ajin. Daga nan sai mafi yawansu suka ce dutse ne zai ƙare, tunda 0.08 bai kai 0.10 ba. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba mu duba ikweshan ɗin ba tukuna." Ita ce ta gano inda gizo ke saƙa.

CaCO₃ + 2HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂

Wannan lambar 2 da ke gaban HCl ita ce ta juya amsar. Kowane mol ɗaya na dutse mol biyu na asid yake ci. Kamar manomi ne mai garma takwas da shanun huɗa goma: shanu sun fi yawa a ƙirga, amma tunda kowace garma shanu biyu ke janta, garma biyar ce za ta shiga gona, uku su kwana a gida. Haka nan mol 0.08 na dutse yana buƙatar mol 0.16 na asid, mu kuwa 0.10 muke da shi. Asid ne zai fara ƙarewa duk da ya fi yawan mol.

Hanyar da nake ɗora ɗalibai a kai ita ce su raba mol ɗin kowane sinadari da lambar da ke gabansa a ikweshan ɗin da aka daidaita. Dutse: 0.08 a raba da 1, ya zama 0.08. Asid: 0.10 a raba da 2, ya zama 0.05. Wanda ya ba da ƙaramar amsa shi ne zai ƙare, kuma da wannan ƙaramar lambar za a yi duk sauran lissafi. Ina nanata musu kada su kwatanta giram da giram. Wani lokaci amsar takan faɗo daidai bisa sa'a, amma ba abin dogaro ba ne. A haɗa giram 4 na haidurojin da giram 16 na oksijin don su zama ruwa, oksijin ne ke ƙarewa duk da ya ninka ɗan'uwansa huɗu a nauyi, giram 2 na haidurojin ya saura.

Neman rarar ba shi da wuya idan an san wanda ya ƙare. Mol 0.10 na asid zai cinye rabinsa na dutse, mol 0.05, giram 5.0 ke nan. An fara da 8.0, an cinye 5.0, saura giram 3.0. Inda na ga yara suna yawan tuntuɓe shi ne su ɗebe 0.08 daga 0.10, su ce rarar 0.02 ce. Ba a ɗebe mol ɗin wani sinadari daga na wani. Abin da aka cinye na dutse ake cirewa daga abin da aka zuba na dutse. Wasu kuma sukan tsaya a 5.0 su rubuta shi a matsayin amsa, alhali wannan shi ne abin da ya narke.

Sai muka zuba. Mun ɗora kwalbar kan sikeli, muka toshe bakinta da auduga sakwa-sakwa don iska ta fita amma tartsatsin ruwa kada ya bi ta. Da farko kumfa ta taso da ƙarfi, lambar sikeli tana ta sauka, domin mol 0.05 na iskar CO₂ ne ke ficewa, wato giram 2.2. Can sai kumfar ta yi sanyi, ta koma ɗai-ɗai. A nan ake bukatar haƙuri. Yayin da asid ke raguwa aikin ma yana tafiyar hawainiya, wanda ya yi gaggawar tacewa zai sami dutse fiye da lissafi, saboda akwai sauran asid da bai gama aikinsa ba. Mun riƙa kaɗa kwalbar a hankali har lambar sikeli ta daina motsi. Nauyin da ya ragu bai cika 2.2 ba, ya ɗan gaza, kuma haka ake tsammani tunda wani ɓangare na iskar yana narkewa ya zauna cikin ruwan.

Muka tace, muka ɗauraye ragowar da tataccen ruwa don wanke CaCl₂ da ya manne, muka shanya. Awon farko ya haura 3.0 sosai, har wasu suka fara cewa lissafi ya yi ƙarya. Danshi ne kawai. Muka ci gaba da busarwa muna sake awo har awo biyu a jere suka zo daidai, sikeli ya tsaya a wajen giram 3.1. Ɗan ƙarin nan ban ɗauke shi laifi ba, ganin iyakar ingancin sikelin makaranta. Idan aka yi da ɗanyen farin dutse irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, ko da ɓawon ƙwai, tazarar za ta iya fin haka. Allin rubutu kam ba na ba da shawararsa, don da yawansa kalsiyam salfet ne, ko kumfar kirki ba ya yi.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da suka tabbatar wa ajin wanda ya ƙare. Mun ɗiga sabon asid kan ɗan ragowar, nan take ya yi kumfa, alamar har yanzu kabonet ne mai iya aiki. Muka jefa sabon ɓarɓashin mabul cikin ruwan da muka tace, bai yi komai ba, alamar babu sauran asid.

A ƙarshen darasi na juya musu tambayar: da giram 4.0 na dutse muka zuba fa? Mol 0.04 ke nan, ya gaza 0.05, don haka dutse ne zai ƙare. Zai ci mol 0.08 na asid, mol 0.02 ya saura, a ninka da 36.5 a sami giram 0.73 na HCl. Wannan rarar ba ta tsayawa kan takardar tacewa, tana narke cikin ruwan, sai dai a auna ta ta hanyar ɗiga sodiyam haidurokzaid mai sanannen ƙarfi. Idan mai mol 1.0 a lita ne, mililita 20 zai kashe ta.