Jika ɗari da aka turo min don in yi shiru

Wani kamfani nan Maraɗi ya sa na buga masa takardun talla da alluna na jika 450, wato sefa dubu 450, a kan zai biya cikin wata guda. Wata ya wuce, shiru. Ni kuwa takarda da tawada bashi na ɗauko su daga Kano, mai su yana ta kirana.

Saƙon imel na farko bai da wuya. Na gaida Alhaji, wanda ya ba ni aikin, na ce ƙila ayyuka ne suka yi yawa, na sa lambar takardar kuɗin da ranar da wa'adi ya cika, na sake liƙa takardar. Ya kira ni ta waya: "Malam, kar ka damu, sati mai zuwa in Allah ya yarda." Maganar waya kuwa ba ta barin shaida.

A na biyu na rage gaisuwa, na sa kontabul ɗinsu, mai riƙe musu lissafin kuɗi, cikin masu karɓa, na haɗa da takardar da mai gadin sito ya sa wa hannu ranar da ya karɓi kaya. Na rufe da tambaya ɗaya: "Alhaji, wace rana za a biya jika 450 ɗin? Don Allah a ba ni amsa a rubuce."

Washegari sai ga jika ɗari, babu ko kalma. Har yau abin yana ci min rai, don wannan kuɗi ba biya ba ne, toshiyar baki ce. Wanda ya ba ka wani abu jiya, da wane ido za ka matsa masa yau? Haka jika ɗarin nan ta saya masa kusan wata guda, mai takarda kuma bai daina kira ba. Idan an yi maka haka, a ranar ka rubuta: na karɓi kaza, saura kaza, yaushe za a cika? Amsar da zai ba ka a rubuce za ta zama shaidar cewa ya yarda da bashin.

Na uku shi ne mafi gajarta. A kan saƙon na rubuta `Mise en demeure`, wato gargaɗin ƙarshe na a biya bashi, na sa shugaban kamfanin a ciki. Babu zagi, babu "ku ji tsoron Allah". Saura jika 350, wa'adi kwana 8, in ya wuce zan kai takardun ga wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardun kotu, a nemi kotu ta ba da umarnin biya kamar yadda dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ta tanada. Kuma da gaske nake, don na riga na tambayi kuɗin aikin wisiyen.

Kafin wa'adi ya cika kontabul ya kira, ya ce in zo in karɓi cak. Alhaji dai ya daina amsa gaisuwata a ɗaurin aure.