Mako na biyar: daga batir ake fara karanta zane

Salama, 'yan uwa masu koyon aikin sola. Wannan makon ko sukundireba ban taɓa ba. Oga ya miƙo mini zanen wayoyin wani gida da za mu haɗa a Tudun Wada: fanel huɗu, kwantirola, batir biyu da inbata mai wat 1500.

Da can daga fanel nake farawa tunda su ne a saman takarda, sai layuka su cakuɗe mini. Oga ya ce, "Ɗora fensirinka a kan batir, shi ne cibiya." Haka kuwa aka yi. Batir biyu ne masu bolt 12, gajeren layi ya tashi daga + na ɗaya ya shiga − na ɗayan. Jeri ke nan, ƙarfinsu ya taru ya zama bolt 24.

Daga nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi kwantirola inda aka rubuta `BAT`, ɗaya ta wuce inbata kai tsaye. A nan na daɗe. Na ce, "Oga, ga gurbin `LOAD` a kwantirola babu kowa, me ya hana a sa inbata a can?" Sai ya ce in yi lissafi. Wat 1500 a raba da bolt 24, amfiya 62.5 ke nan, in an ƙara abin da inbata ke ɓatarwa ya kusa 70. Gurbin kuwa amfiya 20 aka rubuta masa, na 'yan ƙwayayen fitila ne. Wanda ya yi wannan kuskuren zai ga wuta tana ɗaukewa da zarar firji ya tashi, ko ya ji ƙaurin roba a bakin gurbin. Yawan amfiyar nan ne ya sa wayar inbata take da kauri, da fis ɗinta dab da + na batir, don in waya ta goge ta haɗu, fis ya yanke kafin ta kama.

Sai ɗigo. Layuka biyu in sun gitta babu ɗigo, wucewa kawai suka yi. Mai ɗigo ne aka haɗa. Da shi na gane cewa fanel bibbiyu aka jera, sannan aka haɗa rukunin biyu gefe da gefe. Kowane fanel yana da `Voc` na bolt 45, wato bolt ɗin da yake bayarwa in ba a haɗa shi da komai ba. Biyu a jere 90 ke nan, iyakar kwantirola kuma 100. Da na jera huɗun gaba ɗaya, 180 zai faɗa mata. Ratar goman nan ma tana da aiki, domin sanyin asubahin hunturun Zariya yana ɗaga bolt ɗin fanel.

Abin da zanen bai nuna ba shi ne wanda ake fara haɗawa, sai na rubuta a gefe da jan biro: batir tukuna, sannan fanel. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan bi layukan nan da mita a hannu.