Da Hausa zan rubuta wa manhajar bidiyo ko da Turanci? Abin da tallan hula ya koya mini

Duk wanda na tambaya a cikin abokan sana'a amsa ɗaya yake ba ni: ka rubuta da Hausa yadda kake so, ka jefa a manhajar fassara, ka kwafe Turancin ka liƙa, shi ke nan. Wannan shawarar ce ta cinye mini kusan rabin kiredit ɗin da na saya da dala, wato kuɗin da manhajar ke cira duk lokacin da ta haɗa bidiyo, kuma har yanzu idan na ji ana ba wani ita raina yana ɓaci.

Aikin ba wani babba ba ne. Wani Alhaji mai sayar da huluna a nan Kano, kube da zanna da damanga, ya ce in haɗa masa ɗan gajeren talla da zai ɗora a waya kafin Sallah. Hoton yana cikin kaina sarai: dattijo cikin babbar riga, zaune a kan tabarma a zaure, hantsi ya shigo ta ƙofa, ya ɗaga hannu yana gyara zaman hularsa. Daƙiƙa takwas ne kawai, iyakar abin da manhajar ƙirƙirarriyar basirar da nake amfani da ita take bayarwa a gutsure ɗaya.

Da Hausa zalla na fara, domin in ga gudun ruwanta. Ba ta ƙi karɓa ba, kuma ta gane cewa mutum ne a zaune, baƙar fata, a wani wuri mai kama da ƙauye. Amma zaure ya ɓace, tabarma ta ɓace, hular kuma wata irin dunƙulalliyar tagiya ce da ban taɓa ganin kowa da ita a Kurmi ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Waɗannan manhajoji suna koyo ne daga hotuna da bidiyo da aka haɗa da ɗan rubutun da ke bayaninsu, kuma mafi yawan rubutun nan Turanci ne. Akwai wani tarin hotuna da aka fitar a 2022 mai suna LAION-5B, wanda aka horar da wasu manhajojin hoto da ɓangarensa. Hotuna kusan biliyan 5.85 ne a ciki, kimanin biliyan 2.3 da bayanin Turanci, sannan harsuna sama da ɗari suka raba wasu biliyan 2.2 a tsakaninsu. To ina kason Hausa a nan? Manhajar na iya sanin kalmar zaure a matsayin rubutu, amma ba ta ga isassun hotunan da aka ce mata ga zaure ba.

Sai na bi shawarar abokai. Ga abin da fassarar ta ba ni:

```
An old man wearing a big gown and a cap, sitting on a mat
in the hall, adjusting his cap in the morning sun.
```

Turanci ne lafiyayye, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Nan ne fa tarkon yake. Da jagwalgwalo ta fitar da na tsaya na duba, amma da na karanta na ga komai ya zauna, sai na danna. Abin da ya fito: tsoho cikin wata doguwar riga irin ta masu bikin kammala jami'a, da hular hana-sallah a kansa, zaune a kan shimfiɗar roba ta motsa jiki, a tsakiyar wani makeken ɗakin taro mai tayil. Na ɗauka rashin sa'a ce, tunda manhajar ba ta maimaita hoto iri ɗaya, sai na sake dannawa, na sake. Kowane dannawa kuɗi ne, ko bidiyon ya yi maka ko bai yi ba. Fuska tana canjawa, launin bango yana canjawa, amma hana-sallar nan tana nan daram. Tallan kube da hana-sallah!

Fassarar ba ta yi ƙarya ba. Hula dai cap ce, tabarma mat ce. Sai dai manhajar bidiyo ba ma'anar kalma take bi ba, hoton da aka fi liƙa wa kalmar take ɗaukowa. A cikin miliyoyin hotunan da aka rubuta wa cap, hana-sallah ce ta fi yawa, don haka ita za ta zo. Haka rawani yake komawa naɗin Indiyawa, mayafi ya koma lulluɓin amaryar coci. Bahaushe idan ya ce zaure, ya riga ya faɗi ginin ƙasa da dakali da duhun ciki da hasken ƙofa, duk a kalma ɗaya. Fassara kalma da kalma takan kawo sunan, ta bar kayan da ke cikinsa a baya.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Wasu manhajojin, idan ka rubuta musu da wani harshe, su da kansu suke juya shi zuwa Turanci a ɓoye, har su ƙara masa gishiri, kafin ya isa wurin da ake zana bidiyon. Ka ga ke nan mai rubutawa da Hausa ma fassara ake yi masa, bambancin kawai shi ba ya ganin abin da aka fassara. Ga shi rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali. Kuka na iya zama bishiya ko hawaye, gari na iya zama birni ko na tuwo. Idan ka ce yara suna wasa a gindin kuka, ba ka da tabbacin wacce za a ɗauka. Wannan kaɗai ya sa na yanke cewa bayanin hoto da Turanci zan riƙa ba da shi, domin aƙalla in ga da idona abin da ke shiga.

Amma ba Turancin fassara ba. Na koma kan takarda da Hausata, na ɗauki kowace kalma na tambayi kaina: in da makaho zan kwatanta wa wannan abu, me zan ce? Kube doguwa ce, zagayayyiya, samanta a shafe, ba ta da baki a gaba, an cika ta da ɗinkin hannu mai zane-zane. Babbar riga faffaɗa ce, hannuwanta a naɗe kan kafaɗa, da aiki a ƙirji. Zaure ɗakin shiga gida ne na ƙasa. Wannan kwatancen ne na mayar Turanci, jimla jimla, da gajerun kalmomin da ni kaina na san ma'anarsu:

```
Elderly Hausa man, northern Nigeria. Wide flowing white robe,
embroidered chest, sleeves folded on shoulders. Tall brimless
cylindrical hat, flat top, dense geometric hand embroidery.
Woven palm mat, mud-walled entrance room, light from doorway.
Static camera, medium shot, 9:16.
```

Ku lura babu cap a ciki sam. Na gwada rubuta cewa ba na son hana-sallah a cikin umarnin, sai ga ta ta sake leƙowa, domin ambaton sunan abu kan jawo shi ko da hani ka yi. Idan manhajarka tana da akwati na daban na abin da ba ka so, can za ka sa shi. Na kuma gwada agbada a madadin dogon kwatancen rigar, tunda kalmar ta fi yawo a intanet. Rigar ta fito da kyau ƙwarai, amma ta taho da hular Yarabawa mai lanƙwasa gefe, wadda ba ita Alhaji yake sayarwa ba. Haka kalmar African ita kaɗai, bukkar ciyawa da daji take jawowa. Sai ka ambaci arewacin Nijeriya ɓaro-ɓaro.

Da wannan zauren ya fito, tabarma ta fito, dattijon ya yi kama da wanda za ka gaisa da shi bayan Azahar. Na ji daɗi sosai. Da na nuna wa Alhaji, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ai wannan ɗinkin ba namu ba ne." Gaskiyarsa. Siffar ta yi, amma zanen ƙirƙira ce, kuma mai sayen hula zane yake saye. Babu harshen da zai iya kwatanta ɗinkin kube zare da zare.

Maganin bai shafi harshe ba ko kaɗan. Muka sa wa ƙanensa babbar riga da ainihin hular, na ɗauke shi hoto da waya a zauren gidansu, na ɗora hoton a matsayin farkon bidiyon. Daga nan umarnin ya koma layi biyu kacal na motsi: ya ɗaga hannun dama a hankali, ya taɓa gefen hular, kamara ta matso kaɗan. Motsin ma sai ƙarami, domin da zarar ya juya kai da yawa manhajar za ta fara ƙirƙiro ɓangaren hular da ba ta gani ba, sai ka ga zanen yana narkewa. Da tun farko na yi gwajin kalmomin a hoto tsayayye, wanda kuɗinsa bai kai na bidiyo ba, hana-sallar nan ba za ta ci abin da ta ci ba. Yanzu duk sunan tufa ko gini ko abinci da na saka, sai na fara ganinsa a hoto kafin in biya kuɗin motsi.

Inda Hausa ba ta da makwafi shi ne magana. Tun da manhajar Veo 3 ta Google ta fito a watan Mayun 2025 da iya haɗa bidiyo da murya, mutane suka fara sa ran kowace manhaja za ta yi musu magana da harshensu. Ƙa'idar ita ce bayanin wurin ya kasance da Turanci, kalmomin da za a furta kuma ka bar su da Hausa a cikin alamar zance, ka faɗi sunan harshen. Idan ka bari aka fassara su tare da sauran, dattijonka Turanci zai yi. Na gwada hakan a tawa manhajar da "Barka da Sallah, a zo a zaɓi ta ƙwarai". Leɓe ya bi kalmomin, amma ƙ ta koma k, karin sautin ya karkace, ya fito kamar baƙon da ya haddace jimla. Ba zan kai wa Bakano wannan ba. Muka naɗi muryar Alhaji da kansa a cikin shago bayan an rufe, na ɗora a kan bidiyon da dattijon bai buɗe baki ba. Sunan shago da farashi ma a manhajar tacewa na rubuta su, domin ɗ da ɓ da ƙ lalacewa suke yi idan ka bar wa mai zana bidiyo.

Alhaji ya karɓi aikinsa ya ɗora kafin Sallah. Kuɗin da ya biya ni da ƙyar ya rufe na kiredit, saboda abin da jimlar nan mai santsi ta riga ta lashe. Aikin da ke gabana yanzu na wata mai sayar da atamfa da mayafai ne, kuma na ce mata kada ta turo mini bayani tukuna, ta fara turo hotunan kayan a jikin mutum, a tsaye, da hasken rana.