Irmiya 29:11, amma daga aya ta 1 na fara

Ayar nan ta Irmiya 29:11 kusan kowa a cikinmu ya haddace ta, wadda Ubangiji ke cewa ya san shirin da yake da shi dominku, shirin alheri ba na masifa ba. Tana jikin kalanda, ana sa ta a katin biki. Da aka ba ni jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a kanta, sai na ce bari in karanta surar tun daga farko, in haɗa da sura 28 da 2 Sarakuna 24.

Ashe wasiƙa ce. Irmiya yana Urushalima ya rubuta ta zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwasa zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, wato sarki Yekoniya da mahaifiyarsa da fadawa da maƙera da sauran masu sana'a. Har sunayen waɗanda suka kai ta suna nan a aya ta 3, Elasa da Gemariya, manzannin da sarki Zadakiya ya aika Babila. Abin da ya fi taimaka min shi ne sanin lokacin. Haikali na nan tsaye tukuna, sai wajen 586 aka ƙone shi, to ka ga mutanen nan suna da dalilin zaton cewa zaman na ɗan lokaci ne, gida na nan, gobe-jibi za a koma.

Kuma akwai masu faɗa musu haka. A sura 28 wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a cikin haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a dawo da kayan haikali da sarki da kowa, har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya mutu. A Babila ma akwai irinsa, shi ya sa aya ta 8 da 9 suke jan kunne a kan annabawa da masu mafarki.

To me Irmiya ya ce musu? Ku gina gidaje ku zauna, ku dasa lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin ku yi masa addu'a. Wane birni? Na mutanen da suka raba su da ƙasarsu fa. Sannan aya ta 10 ta ce sai shekara saba'in sun cika wa Babila. Nan na tsaya na sa matasan suka yi lissafi, in kana da shekara talatin ranar da aka karanta wasiƙar, kai dai ba za ka ga komawar ba, sai dai jikokinka. Bayan wannan labari mai ɗaci ne aya ta 11 ta zo, kuma ga al'umma guda ake magana.

Wasu can ba su ji daɗin wasiƙar ba ko kaɗan. Wani Shemaiya ya rubuto wa Zafaniya firist daga Babila yana tambaya don me ba a tsawata wa Irmiya ba, tunda ya aiko cewa zaman zai daɗe. Ni wannan ne ya zama min ma'auni, in fassarar da na yi wa ayar ba za ta ɓata wa Shemaiya rai ba, to akwai abin da na tsallake.

Lissafin saba'in ɗin kuwa kada mutum ya matsa masa da yawa. Daga 597 zuwa 539 da Sairus sarkin Farisa ya ci Babila shekara 58 ne, daga rushewar haikali zuwa kammala sabo wajen 516 kuma kusan saba'in, ni dai na fi karkata ga cewa tsawon ran mutum guda ake nufi. Akwai kuma shaidar zaman nasu a can a wajen Littafin, an tono allunan yumɓu a Babila masu lissafin man da ake ba sarki Yekoniya, da wasu daga wani gari da ake kira Al-Yahudu, inda Yahudawa suke noma suna biyan haraji.

Wata a cikin matasan ta tambaye ni, yanzu ke nan ayar ba tamu ba ce? Na ce mata tana iya riƙe ta, amma ta riƙe ta tare da aya ta 5 zuwa 10, don wanda ya yanke ta ita kaɗai ya yi wa mutum alkawarin aiki ko miji kafin ƙarshen shekara, wa'azin Hananiya yake yi da bakin Irmiya.