Albashin bai motsa ba, amma ban fito hannu rabbana ba

A 2023, bayan an cire tallafin man fetur, wani kamfanin rarraba kaya a Kano ya ɗauke ni aikin akanta. Da na nemi ƙari a kan albashin, Hajiyar da ke kula da ma'aikata ta juyo mini da takardar matakan albashi.

"Malam, duk wanda ke wannan mataki abin da yake ɗauka ke nan. In na ƙara maka ko sisi, gobe mutum shida za su yi layi a ƙofata."

Na nemi kwana biyu in yi shawara. A gida na gane cewa ba rowa take yi ba, layin albashi ne kawai aka ɗaure mata hannu a kai. To, sai in nemi abin da ke fitowa daga wani aljihun.

Na fara da neman su biya mini kuɗin jarrabawar ICAN, wato jarrabawar zama ƙwararren akanta. Na san kamfani irin nasu yana biyan ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata duk shekara, kuma yana iya neman a mayar masa da wani ɓangare in ya nuna shaidar horar da ma'aikata. Ban ce lallai jarrabawata za ta shiga wannan lissafi ba, na dai nuna mata na san akwai kason horo a kasafinsu. Ta amince da naira dubu 480, da sharaɗin in na bar aiki kafin shekara biyu zan biya duka. Nan na tsaya. Na ce a raba kuɗin gida 24, duk watan da na yi aiki dubu 20 ta faɗi. Ke nan in na tafi bayan shekara ɗaya, dubu 240 ake bina. Ta yi murmushi ta gyara.

Muƙami bai ci mana lokaci ba: "mataimakin akanta" ya koma "jami'in kuɗi", mataki ɗaya, albashi ɗaya. Ƙarin hutun shekara kuwa ta ƙi, don shi ma kowa zai gani. Amma ta ba ni kwana biyar na karatu kafin kowace jarrabawa.

Inda na yi sake shi ne aiki daga gida. Daga Hotoro zuwa Sharaɗa kuɗin adaidaita ya ninka, don haka na roƙi manajana ya bar mini Juma'a. Ya ce, "Ba komai, ai mu ne." Na ji kunyar cewa ya rubuta. Bayan wata bakwai aka mayar da shi Kaduna. Sabon ya buɗe takardar ɗaukata aiki a gabana, ya bi layi-layi da biro: ICAN na nan, kwana biyar na nan, muƙami na nan. Juma'a babu.

Har yau ƙarfe takwas na safen Juma'a a ofis take samuna.