Kyamarar da ke bin ɗan wasa ba tare da ta sa mutum jiri ba

A ɗan kamfaninmu gem muke haɗawa, irin wanda ɗan wasa ke gudu daga hagu zuwa dama, kuma wallahi ba abin da ke cin mana lokaci kamar kyamara. Mai wasa ba zai ce kyamara ce ba, sai dai ya ce kansa na juyawa ya ajiye waya. Dalili kuwa ido na ganin motsi amma jiki bai ji ba, to duk motsin da ba shi ya jawo ba shi ke tayar masa da zuciya.

In ka manna kyamara a jikin ɗan wasa kowane tsalle duk sikirin ne zai yi tsalle, shi ya sa muke sa ta bi shi a hankali. Amma fa kar ka ce ta matsa kashi 10 cikin ɗari a kowane firem, don wayar da ke firem 120 a sakan za ta ninka mai 60 sauri. Haka muke rubutawa, cam wurin da kyamara take, target inda za ta je, k saurin bin, dt kuma sakan nawa ya wuce tun firem ɗin baya:

```
cam += (target - cam) * (1 - exp(-k * dt));
```

To amma wannan laushin yana da nasa. In ɗan wasa na gudun fiksel 300 a sakan kuma k ɗinka 6 ne, kyamara za ta tsaya kusan fiksel 50 a bayansa, wato 300 raba 6, kenan inda ya baro ake nuna masa, ramin da ke gaba sai ya zo bakinsa ya gani. Shi ya sa muke tura target fiksel 120 gaba inda ya fuskanta, a cire 50 saura 70. Sai dai in ya juya, target ya yi tsallen fiksel 240 ke nan lokaci guda, kuma mai faɗa da abokan gaba juyawa yake ta yi, nan jirin yake. Mu leƙen gaban nasa k daban muke ba shi, 2 kawai, kuma ba ya sauya gefe sai mutum ya ɗan yi tafiya tukuna. Sama da ƙasa kuwa sai ya dira take bi, in ba zai fita daga sikirin ba.

Girgiza kyamara ita ce aka fi zaƙewa. Lamba ɗaya muke riƙewa daga 0 zuwa 1, bugu ya ƙara ta, lokaci ya rage ta, sai mu ninka ta da kanta, 0.5 ya koma 0.25, in iyaka fiksel 12 ce ka ga 3 kawai. Kar ka ɗauko lamba kan mai uwa da wabi kowane firem, yi amfani da Perlin noise, wato lambobin da ke sauyawa a hankali, don motsin ya zama a haɗe. A ƙarshe ake ɗora ta bayan an gama lissafin bi, kar ta shiga cam, kuma ni ba na yarda a karkata hoto sam. A setin muna sa inda mutum zai rage ta har sifiri, don akwai wanda ko fiksel 3 ɗin ba ya jurewa.